Asibiti Biyu, Lambar Tabarau Biyu

An tattauna kan wani da aka auna masa ido a asibitoci biyu cikin mako guda. Na farko ya rubuta wa idon dama SPH, wato ƙarfin gilashin gyaran ganin nesa ko kusa, -1.75 kawai, na biyu kuma SPH -1.50 tare da CYL, wato ƙarin gyara ga idon da lanƙwasarsa ba ta daidaita ba, -0.50. Hankalinsa ya tashi, wai ɗaya ya yi masa shirme.

Masu sanin aikin suka ce ya kwantar da hankali. Ana auna ƙarfin gilashi ne taki-taki, kowane taki 0.25, kuma bambancin taki ɗaya ba abin mamaki ba ne, domin awon ya dogara da amsarka lokacin da likita ke canza gilashi yana tambaya, "Wannan ko wancan?" Gajiya da bushewar ido na iya sauya amsar. Mai ciwon suga kuwa, in sugansa ya hau, lambar kan motsa, gara ya bari ya daidaita tukuna.

A lissafi ma lambobin nan 'yan uwan juna ne: ɗauki rabin CYL, wato -0.25, ka haɗa da -1.50, sai ga -1.75.

Inda aka fi nanatawa shi ne karɓar kwafin takardar awon, mai kwanan wata, har da PD, wato tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanu. In sabon tabarau ya ci gaba da sa ka jiri ko ciwon kai bayan mako biyu, da takardar za a gwada gilashin a na'ura, a gane ko awon ne da kuskure ko wurin yankan gilashin aka kauce.