Wai mai sayen hatsi ma yana da rara?

Laminu Ɗan Birni: Jama'a ku raba ni da mushenmu na tattalin arziki. Ya ba mu kasuwar hatsi da tiya, layin masu saye P = 1000 − 4Q, layin masu sayarwa P = 400 + 2Q, P farashi ne Q kuma yawan tiya, wai mu fitar da rarar kowa. Na samo farashi 600, tiya 100, na ce manomi ya ci ribar 60,000, mai saye kuwa sifili tunda shi ya fitar da kuɗi. Ya ba ni 4 bisa 20. Ni dai na ce mai saye ba shi da wata rara, ƙaryar takarda ce.

Mamman Sani: tiya 600? a wace kasuwa, ni dai ba kasuwar Dole ba

Rabi Zango: lissafin aji ne Mamman Sani, ba wanda ya aike ka cefane

Malam Isufu: Laminu ɗana, 600 da 100 ɗinka daidai ne, daga nan ka ɓata. Ɗauki takarda, farashi a tsaye, tiya a kwance. Layin masu saye ya fara daga 1000 yana gangarowa, ma'anarsa akwai wanda da an ce masa tiya 1000 zai biya, na bayansa 996, haka haka har mai tiya ta ɗari wanda iyakarsa 600. To duk cikarsu 600 suka biya. Wanda ya zo da niyyar 900 ya koma gida da hatsinsa da 300 a aljihu. Ka ja layi a kwance a kan 600, filin da ke samansa kuma ƙarƙashin layin masu saye shi ne jimillar wannan sauƙi, mai kusurwa uku ne, tsayi 400 gindi 100, ½ × 100 × 400 = 20,000. Na masu sayarwa yana ƙarƙashin 600 kuma saman layinsu, tsayi 200, ½ × 100 × 200 = 10,000.

Laminu Ɗan Birni: to Malam ina sauran 50,000 ɗin suka shiga? ai hannun manomi kuɗin suka je

Malam Isufu: Sun shiga hannunsa amma ba ƙari ba ne. Filin da ke ƙarƙashin layin masu sayarwa ke nan, mafi ƙarancin abin da zai sa su kawo tiya ɗarin nan kasuwa, iri, ƴan ƙwadago, sussuka, kuɗin amalanke. Mai tiyar farko ko 402 aka ba shi zai sallama, mai ta ƙarshe in ba 600 ba ya mayar rumbu.

Alhaji Garba Mai Hatsi: wa ya ce RIBA? Ku ƴan boko kullum ɗan kasuwa ya ci riba, shekara nawa ina ɗauko hatsi daga ƙauyukan Mirya da Tanut, kuɗin mota nawa, ƴan dako nawa, buhu ya ɓarke a hanya wa ke biya, sannan yaro ya zauna da biro ya rubuta mini riba 60,000

Rabi Zango: Alhaji ai an riga an rage maka, 10,000 ce ribar yanzu

Harisu: a'a Rabi, 10,000 ɗin ma ba riba ba ce. Layin masu sayarwa kuɗin da ke ƙaruwa da kowace tiya kaɗai yake ɗauke da shi. Hayar rumfa da patanti ko ka sayar ko ba ka sayar ba sai ka biya, ba sa ciki. In hayar Alhaji 12,000 ce to rara 10,000 amma asara 2,000 ya yi

Rabi Zango: to miye amfanin rarar da mutum zai samu kuma ya faɗi? riba ce kawai kuka canza mata riga

Harisu: amfaninta in ya rufe rumfa asarar 12,000 zai yi ba 2,000 ba, shi ya sa yake buɗewa

Alhaji Garba Mai Hatsi: hayata ba 12,000 ba ce, kar ka yi mini ƙazafi yaro

Mamman Sani: ku yi magana da dala don Allah, 600 ɗin nan dala ɗari da ashirin ce ko, na tuba da wannan sefa sefa

Harisu: duk wannan fa aikin Alfred Marshall ne, littafinsa na 1890, haka muka karanta a Kano

Malam Isufu: Ku ƴan Kano komai Bature ɗan Ingila. Jules Dupuit injiniyan Faransa ya riga shi tun 1844, a kan kuɗin ƙetare gada ya yi lissafinsa, nawa mutane za su iya biya da nawa aka karɓa.

Harisu: amma wa ya sa duniya ta sani? Malam son Faransa dai har yanzu

Rabi Zango: an fara. Ku bar turawan nan sun mutu, ni abin da ke damuna daban ne. Kun ce layin masu saye abin da mutum zai IYA biya ne. Tsohuwar da ke bayan gidanmu da jikoki biyar, ta fi kowa buƙatar hatsin nan amma 450 ke hannunta, a zanenku tana can dama da tiya ta ɗari, ba ta saya ba, rararta sifili. Mai kiwon dawakin da zai biya 950 ya ba doki kuwa rararsa 350. Ke nan filin nan aljihu yake aunawa ba yunwa ba

Malam Isufu: Gaskiyarki ƴata, wannan iyakarsa ce. Dalar mai kuɗi da ta talaka ɗaya yake lissafa su, kuma bai ce rabon ya yi adalci ba.

Laminu Ɗan Birni: kun ji ko! ai na ce ƙarya ce. Gwamnati ta sa doka tiya 500 kowa ya huta

Malam Isufu: Ba abin da ta ce ke nan ba. Sa 500 a layin masu sayarwa ka gani, tiya 50 kawai za ta fito, masu nema kuma 125. Rarar masu sayarwa ta koma ½ × 50 × 100 = 2,500. Ta masu saye, na farko ya tsira da 500, na hamsin da 300, matsakaici 400 sau 50, wato 20,000 dai, ba ta motsa ba. Da jimilla 30,000 ce, yanzu 22,500, 7,500 ba ta shiga aljihun kowa ba, cinikin tiya 50 ne da ba a yi ba. Kuma sai in waɗanda suka fi iya biya ne suka samu, in ta layi ce ko ta sanayya 20,000 ɗin ma ba za ta cika ba.

Mamman Sani: to amma hatsin rahusa na OPVN, hukumar ajiyar abinci ta gwamnati, fa, ai muna saye ƙasa da kasuwa kuma hatsi bai ɓace ba

Harisu: wannan daban, su hatsi suke fitowa da shi daga sito su ƙara a kan na kasuwa, layin masu sayarwa ne ya matsa dama, sai dai ka tambayi nawa baitulmali ya cika

Alhaji Garba Mai Hatsi: ranar da suka buɗe sito mu muke kwana da kaya, wannan filin wa ya zana mana?

Rabi Zango: da kuka ɓoye shi tun kaka kuna jiran bazara wa ya zana mana namu?

Alhaji Garba Mai Hatsi: ki iya bakinki, ban taɓa ɓoye ko tiya ba

Laminu Ɗan Birni: To bari in taƙaita tunda ni na kawo magana. Malam da kansa ya yarda lissafin ba ya ganin talaka, Harisu ya ce 10,000 ba riba ba ce, Alhaji ma bai yarda da ita ba, ke nan ba ni kaɗai ba. Farashi da tiya na samo daidai, ko 10 bisa 20 ai na ci. Gobe zan kai wa mushe takardata.

Harisu: ba wanda ya ce 60,000 ɗinka daidai ce fa

Mamman Sani: har yanzu ba a faɗa mini inda ake tiya dala ɗari da ashirin ba