Tambaya kan gajeren mabuɗin ECC, wato ɓoye bayanai da elliptic curve

Salamu alaikum malamai. Ɗalibin kwamfuta ne daga Gombe, wani abu ya ɗaure mini kai.

Na gane haɗa ɗigo biyu a kan y² = x³ + ax + b, da cewa samun Q = kP abu ne mai sauƙi, gano k daga Q kuwa shi ne aiki. Amma ta yaya mabuɗi mai bit 256 na ECC zai yi daidai da na RSA mai 3072 wajen tsaro? An ce Pollard rho na buƙatar matakai wajen 2^128 don gano k, alhali karya RSA yana da gajeriyar hanya, wato number field sieve, mai dogaro da farfasa lamba zuwa ƙananan lambobin firam. To me ya hana a farfasa ɗigo haka? An tabbatar ba zai yiwu ba ne, ko dai ba a gano dabarar ba tukuna? Don Allah a warware mini.