Me za mu kira wannan takarda da Hausa?

Mai zane, Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Na haɗa wa wata hajiya mai sana'ar shito fayil ɗin da muke sa wa suna Brand Guidelines, shafi takwas. Ta ce in rubuta sunan da Hausa don yaran shagonta su san na mene ne. Ina tunanin "kundin tambari". Me kuka gani?

Wani ɗan kasuwa, Alabar: Ba ita ce takardar rajista ba, wadda ake karɓowa a ofishin gwamnati don kada wani ya saci sunanka? A ce "takardar mallaka" kawai.

Mai zane: A'a Alhaji, waccan ta shari'a ce. Wannan tana gaya wa ma'aikaci da mai buga takardu yadda za su yi amfani da tambarin: launinsa, irin rubutunsa, iyakar ƙanƙantarsa.

Tsohon mai ɗab'i, Asafo: To ni "kundi" bai yi mini ba, yaro. Kundi abin ajiyewa ne a akwati, ita kuwa wannan ana so a bi ta. Ku ce "ƙa'idojin tambari". Kuma in babu lambobin launi a ciki, ko wane suna kuka sa mata ba ta da amfani a wurina. Sai mutum ya zo ya ce "kore nake so". Wane kore? Allon waya da haske yake haɗa launi, shi ne RGB. Injina kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Akwai kore mai walƙiya a waya da tawada ba za ta taɓa fitar da shi ba. Don haka a rubuta duka biyun, misali:

```
RGB  0 150 70
CMYK 90 10 100 0
```

Na sama na mai sa hoto a intanet ne, na ƙasa nawa ne.

Hajiya mai shiton: Baba, abin da ya same ni ke nan. Sitikar kwalba ta fito kore shar, allon ƙofar shago ya yi duhu kamar kuka, rigunan yara kuma wani iri daban. Duk hoto ɗaya na tura musu ta WhatsApp.

Tsohon mai ɗab'i: Nan matsalar take, Hajiya. In kika tura shi a matsayin hoto, manhajar tana matse shi, ya rage kyau. Mai allo zai ja shi ya yi girma, bakin haruffa ya farfashe, sai yaronsa ya zauna ya sake zana tambarin da launin da ya ga ya yi kama. A ba mu asalin fayil, PDF ko SVG wanda aka zana da layi, ko an ƙara masa girma ba ya fashewa, a turo shi ta Document. Amma fa ki sani, ko da lamba ɗaya ce, kore a kan sitika mai sheƙi ya fi haske a kan takardar da ke shan tawada, yadi kuma nasa daban. Shi ya sa kafin a buga dubu ake buga guda ɗaya a kan ainihin kayan, ki duba a hasken rana, ki sa hannu a kai. Ki riƙe ɗaya, mu riƙe ɗaya. Ki ba da rabin kuɗi, sauran sai aiki ya yi daidai da samfurin. Mai ɗab'in da ya san cikon kuɗinsa na rataye da wannan zai buɗe takardar.

Wata malamar makaranta, Asawase: Ni ina ganin in an sa sunan rubutun da za a yi amfani da shi, magana ta ƙare.

Mai zane: Da saura, Malama. A fara gwada ko rubutun yana da ƙ, ɗ, ɓ. Da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa. Noto Sans yana da su, kuma kyauta ne. Kafin in aika wa mai ɗab'i ina yin Create Outlines, rubutun ya koma zane, kada kwamfutarsa ta musanya shi da wani.

Hajiya mai shiton: Yarana fa? Ba mai karanta shafi takwas a cikinsu.

Mai zane: Zan fitar musu da shafi ɗaya a manna a bango: tambarin daidai, da hotuna huɗu na abin da aka hana, kamar miƙe shi ko canja launinsa. Sannan in yi musu fosta a shirye, farashi da kwanan wata kawai za su canja. Ki zaɓi mutum ɗaya, kome zai tafi ɗab'i ya bi ta hannunsa.

Malamar makaranta: Sai dai "tambari" ya kama hoton kaɗai. Launi da rubutu fa? Da ni ce, "ƙa'idojin kamannin sana'a".

Tsohon mai ɗab'i: Ya yi tsawo, ba mai faɗinsa a bakin inji.

Mai zane: Na sa "Ƙa'idojin Tambari" a bangon na Hajiya. Malama, in kin samo gajere da ya haɗa duka, a turo.