Katan huɗu sun ɓace a shagona, yarona ya ci amanata

Mai Shago: Jama'a, raina a ɓace yake tun jiya. Wata 14 yaron nan yana shagona. Na ƙirga kaya: katan 60 na sabulu aka sauke, littafi ya nuna an sayar da 48, a kanta saura 8. Huɗu sun yi ƙafa. Na tambaye shi ya ce bai sani ba. Ya ci amanata. In cire a kuɗinsa ne ko in sallame shi? Ban taɓa rubuta masa aikinsa ba, amma ai mai hankali ya san aikin shago.

Maƙwabcin Rumfa: Alhaji, sallame shi kawai. Wanda ya ɗauki huɗu yau, gobe goma zai ɗauka. Na san ka, ba ka zaluntar yaro.

Tsohon Yaron Shago: Alhaji, ka yi haƙuri, kalmar nan "amana" ta yi nauyi. Shekara shida na yi a ƙarƙashin wani, na san yadda take ƙona mutum. Idan ka ce yaro ya yi sakaci, zai iya gyarawa. Idan ka ce ya ci amana, ɓarawo ka kira shi, kuma maganar za ta riga shi zuwa duk shagon da zai nemi aiki. Ka gan shi ya ɗauka?

Maƙwabcin Rumfa: Sai an kama hannunsa a ciki? An bar maka shago, kaya sun ragu, mene ne sunan wannan in ba cin amana ba?

Tsohon Yaron Shago: Amana ita ce abin da aka ƙirga aka danƙa maka. Abin da ba a ƙirga a gabanka ba, da me za ka kare kanka ranar da aka ce ya ragu?

Maƙwabcin Rumfa: Ku dai yaran shago kullum bakinku ɗaya.

Tsohon Yaron Shago: Ni yanzu shagona gare ni, da yara biyu a ƙarƙashina, Yaya. Kada ka mayar da ni baya don na faɗi abin da bai yi maka daɗi ba.

Maman 'Yan Biyu: Ni wannan magana ta taɓa ni. Yarinyar da ke taya ni aikin gida na yi wata uku ina cewa malalaciya ce, don kullum na dawo sai in tarar ba a yi guga ba. Wata rana na zauna a gida, na ga abin da take yi tun asuba: shara, wanke-wanke, wanki, ga goyo, ga surukata tana aikenta sau huɗu kafin azahar. Ban taɓa gaya mata wanne ne gaba da wanne ba. Ni guga nake dubawa don ita nake gani da ido, ita kuma tana bin wanda ya fi ɗaga murya a gidan. Kunya ta kama ni ranar. Alhaji, ka tabbata abin da kake auna shi da shi, shi ne abin da yake yini yana yi?

Mai Shago: Hajiya, aikin gida daban, shago daban. Nan maganar kaya ake.

Baba Ɗan Kasuwa: Ɗana, kafin a yanke wa yaron nan hukunci, amsa mini waɗannan. Yaushe rabonka da ƙirga kaya kafin jiya? Wa ya ƙirga katan 60 ɗin lokacin da ake sauke su daga mota? Makullin shago guda nawa ne, kuma a hannun wa? Idan ka aike shi, wa ke zama?

Mai Shago: Baba, rabona da ƙirga ya kai wata biyar. Ranar saukewa ba na nan, takardar kayan ce ta ce 60. Makulli uku ne: nawa, nasa, da na ƙanena. Yaron yana zuwa ɗauko yara daga makaranta, wani lokaci gida su aike shi, kamar awa biyu a rana. Ƙanena ke zama in ya fita.

Baba Ɗan Kasuwa: To ka ga inda gizo ke saƙar. Lissafinka daidai ne, 48 da 8 sun ba da 56, saura 4. Amma lissafin giɓi kawai ya nuna maka, bai nuna maka hannun da ya yi giɓin ba. A shago kaya na zurarewa ta ƙofofi da yawa kafin a kai ga sata. Akwai ranar saukewa: takarda ta ce 60, wataƙila 59 aka sauke, ba wanda ya ƙirga. Akwai bashi: kai mai shago ka buga waya ka ce a ba wane katan ɗaya zai kawo kuɗi, yaro ya bayar, ba a rubuta ba don kai ka ce. Akwai na gida, uwargida ta aiko a ba ta, wa zai ce mata sai an rubuta? Akwai katan da aka fasa aka sayar ɗai-ɗai, kuɗin ya shiga aljihun tebur amma littafin katan bai sani ba. Sannan awa biyu a rana, in shago na buɗe kwana shida a mako, awa 12 ke nan duk mako da wani ke kan kujerar. A wata biyar ya haura awa 250. Ta yaya za ka ɗora giɓin wata biyar a kan mutum ɗaya cikin uku masu makulli?

Maƙwabcin Rumfa: Baba, da girmanka, kana nufin ƙanin Alhaji ne ɓarawon? Yaron da na sani tun yana ƙarami?

Baba Ɗan Kasuwa: Ban kira kowa ɓarawo ba, kai ka kawo kalmar. Cewa na yi ba a san ko wane ne ba, kuma mai yiwuwa ba kowa ba ne.

Sabon Shiga: Alhaji, in sabon yaro kake nema akwai ɗan yayata, ya gama sakandare, yana da natsuwa.

Maman 'Yan Biyu: Haba, ko tafiya wancan bai yi ba.

Malam Mai Karatu: Game da cire kuɗi: a fiƙihu, wanda ka ɗauka aiki ya keɓanta da kai amintacce ne a kan abin da ke hannunsa. Ba ya biyan abin da ya salwanta sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kuma hujja tana kan mai da'awa. A ɓangaren doka ma, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 189 ta shekarar 2011, wadda ta ce a sanar da ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa ta hanyar da zai fahimta, an fi so a rubuce, kuma a ba shi hutun awa 24 a jere kowane mako. Don haka Alhaji ne ya karya doka tun farko.

Tsohon Yaron Shago: Malam, na farkon na yarda. Amma yarjejeniyar da ka ambata ta masu aikin gida ce, irin yarinyar Hajiya da direban gida, ba ta yaron shago ba. Kuma sai ƙasa ta amince da ita take hawa kanta.

Malam Mai Karatu: Yaron da ke ɗauko yara daga makaranta kullum ba aikin gida yake yi ba?

Direban Gida: Nan ne ciwon, Malam. An ɗauke ni tuƙi, sai ga ban ruwan fulawa, ga gadi in mai gadi ya yi tafiya. Ranar da mai ya ƙare da wuri aka ce ina tsiyaya. Na roƙi maigida mu riƙa rubuta lambar kilomita da litar da aka zuba duk shan mai. Wata ɗaya aka yi, aka ga ranakun da babban ɗansa ke fita da motar da dare ne mai ke tafiya. Ba wanda ya ba ni haƙuri, amma an daina maganar.

Maƙwabcin Rumfa: Direbobi kuma kada ku fara. Wa bai san halinku da mai ba?

Direban Gida: Ka taɓa ɗaukar direba, ko ji kake yi?

Shugaban Zaure: A daina gugar zana. A koma kan tambaya.

Mai Shago: Na tambaya a gida. Sun ce an karɓi katan ɗaya wata biyu da suka wuce. Na kuma tuna na sa an ba wani ɗaya bashi ta waya. Saura biyu. Su fa?

Baba Ɗan Kasuwa: Biyun nan mai yiwuwa ba za ka taɓa sanin inda suka shiga ba, kuma ba za ka cire su a kuɗinsa da zato ba. Ga abin da zan yi in ni ne. Ka zaunar da shi bayan an rufe, ba a gaban masu saye ba, ka ce ya lissafa maka duk abin da yake yi daga buɗewa zuwa rufewa. Kai ma ka faɗi abin da kake ɗauka aikinsa ne. Za ka yi mamakin tazarar. Daga nan ku tsayar da abubuwan da ke hannunsa shi kaɗai: lokacin buɗewa, rubuta duk abin da ya fita ko da kai ka ba da umarni, cikar kuɗin aljihun tebur da yamma, da yadda yake karɓar masu saye. Yawan ciniki kada ka sa a ciki, kasuwa ba a hannunsa take ba. Ku ƙirga kaya tare, ku biyu ku sa hannu, wannan ne mafarin lissafinsa. In zai fita aike, a ƙirga kuɗi a miƙa wa ƙaninka, in ya dawo a sake ƙirgawa, minti biyar ne. Manyan kaya a ƙirga su duk mako. Bayan mako shida kana da abin da za ka auna shi da shi. In giɓi ya sake fitowa a lokutan da shi kaɗai ke riƙe da shago, to ka samu hujja, ni ma zan ce ka sallame shi. Kuma ka tuna da sauran wata 14 ɗin. Sau nawa ya makara? Sau nawa kuɗin yamma bai cika ba?

Mai Shago: Gaskiya bai cika makara ba. Kuɗi kuwa ban riƙa ƙirgawa a gabansa ba. Amma Baba, in na fara sa ƙanena ƙirga kuɗi, zai ce na zarge shi.

Maman 'Yan Biyu: Shi kana jin nauyin ya ce an zarge shi, yaron kuwa ka riga ka kira shi maci amana a gaban mutane.

Mai Shago: Hajiya, jini ba wasa ba ne.

Tsohon Yaron Shago: Shi ma ɗan wasu ne, Alhaji.

Shugaban Zaure: Zan rufe nan, dare ya yi. Abin da na fahimta: yawancinmu mun yarda yaran yanzu sai an sa musu ido, kuma Alhaji yana da haƙƙin ya ji zafin dukiyarsa. Ni ma shago gare ni, na san ciwon. Katan biyu har yanzu ba a gan su ba, kuma yaron ne ya fi kowa daɗewa a shagon, don haka shi ya fi cancanta ya yi bayani. Baba ya ba da shawarar a riƙa ƙirga kaya duk mako, wannan zai hana yara samun kafa. Alhaji ya ja masa kunne ya ba shi mako shida.

Baba Ɗan Kasuwa: Ban ce a ja masa kunne ba, kuma ƙirgar da na faɗa ta shafi masu makulli uku ne.

Shugaban Zaure: An rufe, Baba. Sai da safe.