Na goge manhajar tun watan jiya, amma har yanzu ana cire mini kuɗi

Assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Rogo, a nan Jos. Na yi wa yarana rajistar wata manhajar koyon karatu a kan naira 4,500 duk wata, da suka daina amfani da ita sai na goge ta daga wayata. Ranar 12 ga wata sai ga saƙon banki cewa an sake cire kuɗin. In sake sauke ta in goge asusun gaba ɗaya, ko yaya zan yi?
Maman Khalifa

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki goge asusun tukuna. Manhajar da ke kan waya kamar kaya ne a cikin shagon haya: ko kin kwashe kayan kin kulle ƙofa, mai shago zai ci gaba da lissafa miki kuɗin wata har sai kin je kin shaida masa kin tashi. Izinin cire kuɗin yana wurin wanda kika ba lambar katinki, saboda haka abu na farko shi ne ki gano wanda yake karɓar kuɗin. Ki duba bayanin da ke cikin saƙon bankin da kyau. Idan kin ga GOOGLE a ciki, ta Play Store kika biya, kuma a can za ki soke: ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki da ke sama, ki shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, ki zaɓi manhajar ki danna Cancel subscription. Ba ya bukatar sai kin sake sauke ta. Ki bi tambayoyin da za a yi miki har ƙarshe, domin mutane da yawa suna fita a tsakiya suna zaton sun gama. Alamar cewa ta soku ita ce shafin zai daina nuna ranar biya ta gaba, ya nuna ranar da za ta ƙare, kuma za a aiko miki da imel. Tun da an riga an cire na wannan watan, yaran suna da damar amfani da ita har zuwa 12 ga wata mai zuwa.

Alhaji Ɗanlami:
Ni a ganina ki je banki kawai su toshe katin, magana ta ƙare.

Malam Nasiru:
Alhaji, toshe katin zai hana kuɗin fita, wannan gaskiya ne, sai dai rajistar tana nan a raye na wani lokaci kuma za su yi ta gwada cirewa. Idan akwai wani katin a asusun da aka sa a matsayin madadi, za su iya komawa kansa. Ga kuma kuɗin sabon kati da layin banki a kan abin da minti biyu ya isa.

Malama Rabi:
Ina goyon bayan a jinkirta goge asusu, domin ni na yi wannan kuskuren. Na biya wata manhaja ta shafinsu na intanet da katina kai tsaye, shi ya sa da na duba Play Store ban ga komai ba. Cikin fushi na goge asusun, wata na zagayowa aka sake cirewa, ga shi ba ni da hanyar shiga in danna maɓallin sokewa, tun da da hannuna na rufe ƙofar. Sai da na yi mako biyu ina aika musu imel da hoton saƙon banki da lambobi huɗu na ƙarshen katin kafin suka tsayar. Wasu kamfanonin suna soke biyan idan aka goge asusu, amma idan ta Play Store ko ta Apple aka biya, goge asusun da ke cikin manhajar ba ya tsayar da cirewar. A soke, a ga shaida, sannan a goge.

Bashir:
Anti, ko dai irin wanda yake cinye katin waya ne? Wannan ai sai an kira kamfanin layi.

Maman Khalifa:
A'a, daga asusun banki ne, kuma GOOGLE na gani a saƙon. Sai dai na shiga inda Malam Nasiru ya ce, babu komai a jerin.

Malam Nasiru:
To, da alama da wani adireshin Gmail aka yi rajistar. Ki sake taɓa hoton nan, ki ga ko akwai asusu fiye da ɗaya a wayar, ki duba kowanne. Ki kuma tuna ko a wayar maigida ko ta babban ɗanki aka fara sa katin. Adireshin da rasit yake zuwa masa duk wata, shi ne mai rajistar. Batun dawo da kuɗin ranar 12 kuwa, buƙata ce daban da sokewa, kuma idan an wuce awa 48 yawanci sai an tuntuɓi masu manhajar, su kuma suna iya amincewa ko su ƙi.

Maman Khalifa:
Na tuna, da imel ɗin Khalifa muka yi, shi kuma yana makarantar kwana. Zan nemi lambar sirrin a wurinsa ranar ziyara.