Kiban faɗuwa: shin otomat yana komawa baya ko ba ya komawa?

Autan Fada: Jama'a ku yi mini alƙalanci. Mushe, malaminmu, ya ba mu aikin gina otomat mai neman kalma ɗaya a cikin rubutu. Na zaɓi `kankana`, na yi matsayi takwas daga 0 zuwa 7, harafi ya dace in ci gaba, bai dace ba in koma 0. Na gwada sau biyar yana aiki. Ya ba ni 6 bisa 20, wai ban saka kiban faɗuwa ba, wato kiban da ke nuna matsayin da za a sauka in harafi bai dace ba. Ni na ce kiban nan ƙawa ce kawai, komawa sifili ya wadatar, tunda shi da bakinsa ya ce otomat ba ya komawa baya. An zalunce ni ko ba a zalunce ni ba?

Ɗan Zango: Tsaya tukuna. Wa ya ce ba ya komawa baya? Kai da kanka daga 6 kake tsalle zuwa 0. In wannan ba baya ba ne, mene ne?

Ɗan Birni: Ba ya komawa baya, magana ta mushe daidai take. Duk wanda ya karanta abin ya san haka. Harafi ɗaya, taki ɗaya, an wuce wurin.

Ɗan Zango: To kiban da ake zanawa daga dama zuwa hagu a kan allo fa? Gaba suke nufa? Ku mutanen Birni in malami ya faɗi magana ba ku juya ta, sai dai ku haddace.

Ɗan Birni: Kar ka sako unguwa cikin wannan. Muna maganar ilimi kana kawo mana Zango da Birni.

Yaya Mai Kod: Auta, ƙanena, ka bar su da "baya" ɗin su minti ɗaya, ka ba otomat ɗinka wannan rubutun: `kankankana`. Kalmarka tana ciki, ta fara daga harafi na huɗu. Bi shi da yatsa. Ka karanta k, a, n, k, a, n, kana matsayi na 6, saura `a` kaɗai ka gama. Sai `k` ya zo. Kai ka koma 0. Ko da ka sake duba wannan `k` ɗin ka hau matsayi na 1, abin da ya rage maka a, n, a ne, za ka kai 3 ka sake faɗuwa, rubutu ya ƙare, ka ce babu kankana alhali ga ta a gabanka.

Abin da ka zubar shi ne wannan: lokacin da kake matsayi na 6, haruffa uku na ƙarshe da ka karanta su ne `kan`, kuma `kan` shi ne farkon kalmarka. Ke nan ba da hannu wofi ka faɗi ba, kana riƙe da haruffa uku masu amfani. Kibiyar faɗuwa ta matsayi na 6 tana nuna 3. A matsayi na 3 abin da ake jira `k` ne, ga shi kuwa ya zo, sai ka hau 4, sannan a, n, a su kai ka 5, 6, 7. Ka samu. Gwajinka biyar sun wuce ne don babu wanda kalmar ta soma a tsakiyar wani yunƙurin da ya faɗi.

Ɗan Zango: Ka ji ko? Daga 6 zuwa 3. Baya ke nan. Na gode Yaya.

Ɗan Birni: Ba abin da ya ce ke nan ba. Yatsan da ke kan rubutu bai motsa baya ba ko da harafi ɗaya. Matsayi ne ya sauka. Bayan da ake nufi bayan rubutu ne.

Ɗan Zango: To sai a faɗi haka tun farko. In mutum ya ce "ba ya komawa baya" ya yi shiru, ya yaudari yaro. Ga sakamakon nan, 6 bisa 20.

Ƴar Sabon Gari: Ni tambayata daban ce, ku gafarce ni. Na yi irin wannan a C da kalmar `ƙanƙara`, sai `strlen` ya ba ni 9 alhali haruffa bakwai ne. Na ɗauka kiban faɗuwana ne suka lalace. Ko abin na Auta ma haka ne?

Mai Shayi: Wannan ai laifin C ne. Da kin yi da Python da kin huta. Mutanen C kullum cikin wahalar da suka jawo wa kansu suke.

Ɗan Birni: Wanda bai taɓa C ba bai san abin da na'ura take yi ba. Kuma a Python ɗin naka `find` kawai za ka kira, ba abin da za ka koya.

Yaya Mai Kod: Ƙanwata, naki ba irin na Auta ba ne, kalmarsa ba ta da harafi mai ƙugiya. A UTF-8 harafin `ƙ` bayit biyu yake ci, kuma biyu gare ki a kalmar, shi ya ba da 9. Otomat ɗinki zai zama mai matsayi goma maimakon takwas, amma zai yi aiki daidai matuƙar kalmar da rubutun duka UTF-8 ne. Abin da za ki kula da shi shi ne lambar wurin da zai ba ki ta bayit ce, ba ta harafi ba. Sannan in wani ya rubuta `kankara` babu ƙugiya, ba zai gan ta ba, don a wurinsa `k` da `ƙ` ba su haɗa komai ba.

Auta, ga yadda ake samo kiban. A kowane matsayi ka tambayi kanka: cikin abin da na riga na karanta na kalmar, wane yanki ne mafi tsawo da yake a farko kuma yake a ƙarshe, ban da dukan abin gaba ɗaya? A `k`, `ka`, `kan` babu, sifili ne. A `kank` akwai `k`, ɗaya. A `kanka` akwai `ka`, biyu. A `kankan` akwai `kan`, uku. A `kankana` an koma sifili, don babu wani farkon kalmar da ya zo daidai da ƙarshenta. Kod ɗin bai da tsawo:

```python
def gina(p):
    f = [0] * (len(p) + 1)
    k = 0
    for i in range(1, len(p)):
        while k > 0 and p[i] != p[k]:
            k = f[k]
        if p[i] == p[k]:
            k += 1
        f[i + 1] = k
    return f
```

In ka ba shi `kankana` ya kamata ka ga `[0, 0, 0, 0, 1, 2, 3, 0]`. Ka lissafa da hannu a takarda kafin ka kunna na'ura, in sun saɓa ka san akwai inda ka kauce. Wajen nema ma wannan zagayen ne, sai dai a maimakon `p[i]` harafin rubutu kake kawowa.

Mai Shayi: Ni a nawa `if` na saka a wurin `while` ɗin nan kuma lafiya lau. Faɗuwa ɗaya ta isa, ba sai an yi ta gangarowa ba.

Yaya Mai Kod: Ba ta isa ba, kuma naka ya fi na Auta haɗari. Shi ya rasa abin da yake nan, kai za ka samo abin da babu. Gwada `kankan kana`, da fili a tsakiya. Kana matsayi na 6 fili ya zo, ka sauka 3. A 3 ana jiran `k`, fili ba `k` ba ne, dole ka sake bin kibiyar 3 zuwa 0. Da `if` za ka tsaya a 3 kamar filin bai taɓa zuwa ba, sai k, a, n, a su kai ka 7, na'ura ta ce ta ga kankana. Babu ta a rubutun.

Mai Shayi: Zan gwada in wuta ta dawo. Ban yarda ba tukuna.

Ɗan Zango: Yauwa! Ɗan Birni, ina "harafi ɗaya, taki ɗaya" ɗinka? Ga harafi ɗaya, fili, ya ci taki biyu, 6 zuwa 3, 3 zuwa 0. Ke nan wannan ma ba otomat ba ne bisa ma'anarka.

Ɗan Birni: Ni wanda nake nufi mai cikakken jadawali ne. Kowane matsayi da kowane harafi an riga an rubuta inda za a je. Matsayi na 6 da `k` kai tsaye 4, matsayi na 6 da fili kai tsaye 0. Shi ne otomat na gaskiya. Mai kiban faɗuwa rabin aiki ne.

Ɗan Zango: Rabin aiki? Hanyar da Knuth da Morris da Pratt suka buga a 1977 kake kira rabin aiki? In ka ɗauki bayit 256, jadawalinka gida 2048 ne don kalma mai haruffa bakwai. Na Yaya lambobi takwas ne.

Ɗan Birni: Ba sai 256 ba. Haruffa uku ne a kalmar, k, a, n, ka ƙara layi ɗaya na "duk sauran". Gida 32. Kuma ni ba na zagaye cikin zagaye.

Yaya Mai Kod: Dukanku kuna da abin riƙewa. Jadawalin Ɗan Birni daga kiban ake cika shi: inda harafi ya dace ka rubuta matsayi na gaba, inda bai dace ba ka kwafo abin da ke gidan matsayin da kibiyar ta nuna. Zagaye cikin zagayen kuma ba ya cin lokaci yadda ake tsoro, don ba za ka sauko matakin da ba ka hau ba, kuma kowane harafi mataki ɗaya tak yake iya ɗaga ka. In rubutu yana da haruffa dubu, hawa bai wuce dubu ba, sauka ma bai wuce dubu ba. Wane ne ya cancanci sunan otomat a takardar mushe, wannan sai Auta ya duba yadda aka rubuta tambayar.

Ƴar Sabon Gari: To in an kai matsayi na ƙarshe fa, an samu kalmar, sai a koma 0?

Yaya Mai Kod: A'a, kibiyarsa za ki bi shi ma. A `kankana` ta faɗa kan 0 ne kawai. Nemi `baba` a cikin `bababa`: bayan samu na farko kibiyar 4 tana nuna 2, sai b da a su sake kai ki 4. Sau biyu ke nan. In kika koma 0, ɗaya za ki ƙirga.

Autan Fada: Na ga `kankankana` ɗin, gaskiya bai same ta ba. Amma har yanzu 6 ya yi kaɗan. Matsayina takwas daidai suke, kiban gaba duka daidai suke. Ba wanda ya amsa mini wannan.

Ɗan Zango: Bari in tattara mana, dare ya yi. An tabbatar otomat yana komawa baya, Yaya ya nuna shi da lamba, 6 zuwa 3 zuwa 0. An tabbatar kiban faɗuwa sun fi jadawali sauƙin wuri, takwas a gaban 2048. Laifin makin Auta yana kan wanda ya gaya masa ba a komawa baya. Mai Shayi ya gyara `if` ɗinsa.

Ɗan Birni: 32 na ce, ba 2048 ba. Kuma yatsa bai koma baya ba. Ka cire maganata daga tattarawarka.