Zauren masu hoto da ɗinki na Kumasi: yadda za a zaɓi rigar kaɗai, a bar mai ita

Nura (Aboabo): Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawara. Wani telan da nake wa aiki ya ɗinka babbar riga fara, da aikin zare ruwan gwal a ƙirji. Na ɗauki ƙanensa sanye da ita a bakin shago, bangon bayansa ma fari ne, kuma yana riƙe da carbi a gaban cikinsa. Yanzu telan yana so a nuna rigar da launi huɗu kafin Sallah, don masu oda su zaɓa. Na danna Select Subject a Photoshop, sai ya kwashe mutumin gaba ɗaya har hula da takalmi. Na zauna na zagaye rigar da hannu, ya ci mini kusan awa biyu, kuma hotuna tara ne. Me kuke amfani da shi wanda zai zaɓi tufar kawai?

Basiru: Wa alaikumus salam. Ka sa shi a remove.bg, cikin daƙiƙa kaɗan zai cire maka bangon.

Nura: Na gode Basiru, amma ba bangon ne damuwata ba. Bangon ya zauna, fuska ta zauna, hannu ya zauna. Rigar kaɗai nake so a ware.

Fuseina (Tafo): Yaya Nura, abin da kake nema akwai shi kyauta. Sunansa rembg, yana da wani samfuri da aka horar a kan tufafi zalla. Idan akwai Python a kwamfutarka, ka girka rembg ɗin sannan ka rubuta:

```
rembg i -m u2net_cloth_seg riga.jpg riga_out.png
```

Kada ka tsorata idan ya fito da dogon hoto, gida uku ne a jere daga sama zuwa ƙasa: tufar sama, tufar ƙasa, sai mai rufe jiki duka. Ka yanko wanda rigarka ta faɗa. Bayan haka ka faɗaɗa zaɓin da piksel goma ko sha biyar. Ni kullum haka nake yi, don kada gefe ya bar tsohon launi.

Malam Sadik (Asawase): Fuseina ta kawo kayan aiki mai kyau, amma Nura, kafin ka sauke komai ka gaya mini: launi za ka canza, ko ɗinkin ne za ka sauya da wani? Domin zaɓin da ya dace da ɗaya shi ne yake ɓata ɗayan.

Nura: Launi kawai, Malam. Ɗinkin da aikin zaren su zauna yadda suke.

Malam Sadik: To kada ka faɗaɗa. Idan launi ne, zaɓin ya tsaya daidai bakin yadi. Piksel goma da ka ƙara, fenti ne ka zuba a bangon mutane da wuyan yaron, kuma a farin bango nan take za a ga shuɗin zobe ya zagaye kafaɗa. Abin da za ka yi shi ne ka tausasa gefen kaɗan, Feather na piksel ɗaya ko biyu, shi ke nan. Shawarar Fuseina ta masu sauya riga ce gaba ɗaya, inda injin AI zai zana sabuwar tufa a wurin tsohuwa. A can dole ka ba shi fili, domin in ka bar masa siririn gefen tsohuwar rigar, zai ɗauke shi a matsayin wani abu da ya kamata ya ci gaba da zanawa, sai ka ga farin layi ya bi wuyan sabuwar rigar.

Fuseina: Gaskiya ne Malam, ni sauya riga nake yi a ComfyUI, manhajar zana hoto da AI, shi ya sa hannuna ya saba da GrowMask mai faɗaɗa zaɓi. Ban lura launi kawai yake so ba.

Malam Sadik: Ba laifi. Ko a naki aikin ma, goma ba doka ba ce. Goma a hoto mai faɗin piksel 1024 abu ne babba, a hoton kyamara mai faɗin 4000 kuwa kusan ba a ganinsa. A duba girman hoton tukuna.

Nura: Na gwada rembg ɗin yanzu. Ya kama jikin rigar sosai, har na yi mamaki. Amma inda yaron ya naɗe hannun rigar ya ɗora a kafaɗa, ya bar rabi. Gefen hagu kuma, inda farin yadi ya haɗu da farin bango, ya ciji rigar kamar ɓera ya ci. Carbin ma ya shige cikin zaɓin.

Malam Sadik: Haka na zata. Waɗannan samfuran da rigar Turawa aka koyar da su: shat, wando, siket, doguwar rigar mata. Akwai wani samfurin a shafin Hugging Face, mattmdjaga/segformer_b2_clothes, mai aji 18, yana raba hula, gashi, fuska, hannun dama, hannun hagu, Upper-clothes, Dress, Scarf da sauransu. Na sha ba shi babbar riga, sai ya kira ƙirjin Upper-clothes, ƙasan ya ce Dress ne, naɗin kafaɗar kuma ya ce Scarf. Ba shi da gurbin da zai sa babbar riga, sai ya rarraba ta a gurbin da ya sani. Batakari ma haka yake masa. Idan da shi kake aiki, ka haɗa azuzuwan nan uku su zama zaɓi ɗaya.

Amma ga hoton nan naka, ni SAM zan ba ka shawara, wanda Meta ta fitar a 2023. Shi bai san sunan riga ba sam, iyakar abu yake nema, kuma kai ne kake nuna masa da ɗigo. Ka sa ɗigon "wannan nake so" guda uku: a ciki, a naɗin kafaɗa, da kusa da ƙasan rigar. Sannan ka sa ɗigon "ban da wannan" a bayan hannu, a wuya, da a bangon nan na hagu dab da yadin. Ɗigo ɗaya tak ba ya isa, domin bai san ko aljihun kake nufi ba, ko rigar, ko mutumin, shi ya sa ma yakan ba ka zaɓi uku ka ɗauki ɗaya. Ɗigon bangon nan shi ne zai gyara maka cizon ɓeran, ko da ba duka ba.

Hajiya Rabi (Kejetia): Ku gafarce ni in shigo da nawa. Ni abaya da mayafi nake sayarwa, ɗiyar ƙanwata ce take mini hotuna a waya. Da muka canza launin wani mayafi mai shara-shara daga baƙi zuwa ruwan hoda, sai kafaɗar yarinyar da kunnenta suka koma ruwan hoda su ma. Na ƙi sa hoton, don mai saye za ta ce yadin mai kauri ne alhali ba haka ba. Wannan SAM ɗin zai gyara?

Malam Sadik: Hajiya, a gaskiya ba zai gyara ba. SAM a kowane wuri amsa biyu gare shi, ko yadi ne ko ba yadi ba. Shara-shara kuwa wuri ɗaya ne yake ɗauke da yadi da fata a lokaci guda. Za a iya rage ƙarfin launin da hannu a inda fata ta bayyana, amma aiki ne, kuma ba kullum yake fita ba. Da ni ne, mayafi mai shara-shara sai in ɗauki kowane launi da kansa, in bar wannan dabarar ga abaya mai kauri.

Hajiya Rabi: To Allah ya saka da alheri. Gara in sa ta ta yafa launuka biyar ɗin da nake da su.

Fuseina: Hajiya, akwai samfuran da suke fitar da zaɓi mai toka-toka, irin waɗanda ake ware gashi da su. Ina ganin za su taimaka a mayafi. Bari in gwada da nawa in turo.

Malam Sadik: Ki gwada. A gefen mayafi inda bango ne a baya, na yarda. Inda fata ce a baya, sai na gani.

Nura: Malam, SAM ya kama naɗin kafaɗar. Ɗigo bakwai na sa. Saura carbi, da ɗan ramin da ke tsakanin hannu da jiki inda ake hango bango. Sai wata sabuwa: na ja Hue har ƙarshe, rigar ko gezau, tana nan fara.

Malam Sadik: Ɗaya bayan ɗaya. Carbi da ramin hammata da goga za ka share su, minti biyu ne. SAM a ƙaramin girma yake zana zaɓinsa sannan ya buɗa shi, don haka ƙananan abubuwa kamar ƙwayar carbi da tsakanin yatsu suna kuɓuce masa. Ka danna Q ka ga jan lulluɓin nan, ka zuƙo hoton zuwa 200%, ka bi wuya, yatsu, hammata da ƙasan riga.

Aikin zaren gwal kuma ka ware shi daban ka cire shi daga zaɓin, in ba haka ba zai rine tare da yadin, telan kuwa aikin nan shi ne abin da yake sayarwa. Select > Color Range zai kamo ruwan gwal ɗin cikin sauƙi tunda a kan fari yake.

Batun Hue kuwa, fari ba shi da launin da za a juya. Ka sa Solid Color na launin da kake so a kan zaɓin, ka mai da shi Multiply. Farin zai ɗauki launin, inuwar ninkin yadin ta zauna. Sai dai ka duba inda rana ta bugi kafaɗa har ta ƙone fari fat: can babu ninki babu saƙa, zai fito shafal kamar an manna takarda. In ka je wa launi mai duhu irin shuɗin bula, abin ya fi bayyana.

Basiru: Ni dai duk hoton da aka turo mini ta WhatsApp gefensa ɓaci yake yi.

Malam Sadik: Wannan ka faɗi gaskiya. A ce su turo shi a matsayin Document, kada a matse shi. A fari kan fari, ɗan bambancin da ke tsakanin yadi da bango shi ne abin da matsewar take fara cinyewa.

Fuseina: Yaya Nura, in ka gama ka ɗora sabon a kan na asali ka sa Difference. Duk inda ba a taɓa ba baƙi zai fito. In ka ga haske a fuska ko a bango, zaɓinka ya yoyo. Ni da haka na gano fuskokin mutane suna ɗan canzawa a ComfyUI ko da ba sa cikin zaɓin, sai da na riƙa manna sakamakon a kan hoton asali da ImageCompositeMasked.

Nura: Na yi. Ban da rigar, baƙi ƙirin, sai wani siririn haske a gefen hula, na share shi. Hoto ɗaya ya ci mini minti goma sha biyar, kuma zaɓin nan ɗaya na yi launi huɗun da shi. Kafaɗar dai ta ƙone kamar yadda Malam ya ce, a shuɗin ta fi muni. Gobe da safe zan koma shagon in sake ɗaukar wannan a inuwa, in tsayar da shi jikin koren ƙyauren maƙwabcinsu maimakon farin bangon.

Hajiya Rabi: Nura, ka gaya wa telan ya sa hoton yadin gaskiya kusa da kowane launi. Shadda tana da ƙyalli, shuɗin waya daban ne da shuɗin hannu, kuma in kaya suka dawo shi za a kama, ba kai ba.

Nura: Zan gaya masa, Hajiya. Fuseina, muna jiran mayafin.